Kwanan wata na wayata ya rikice, in sayi batir ko in yi filashin?

'Yar Birni: Salamu alaikum. Duk ranar da cajin wayata ya ƙare ƙaf, in na kunna sai ta koma 1 ga Janairu na wata tsohuwar shekara, WhatsApp ya ƙi buɗewa. Wani mai gyara ya ce batir, jika shida. Wani ya ce filashin, jika biyu. Wanne zan yi?

Na Magariya: Reson Nijeriya ta kama, Hajiya.

Mai gyara, Kasuwar Dole: A'a, ɗan'uwa. Mu da Nijeriya duk GMT+1 muke, kuma matsalarta shekara ce. Hajiya, kar ki biya kowa tukuna. Hanya biyu waya ke samun lokaci. Ta farko NITZ: eriyar kamfani ke turo shi sa'ad da layinki ya kama reso, ba ya cin mega, amma ba kullum ake turowa ba. Ta biyu NTP, sai da intanet. In ba ta samu ko ɗaya ba, sai ta tsaya kan ranar da ta farka da ita. Ki shiga Paramètres, Date et heure, ki kunna na otomatik, ki sa Mode avion minti ɗaya ki cire, don layin ya sake rajista. In bai gyaru ba, ki kashe otomatik, ki sa rana da awa da hannu, ki buɗe data, sannan ki mayar da otomatik.

Malamin lise: Ki duba Fuseau horaire ma. In minti daidai ne amma awa ɗaya cif a baya, an bar ta kan GMT ne, lokacin Bamako.

Baban yara: Kar ki yarda da filashin! An yi wa tawa, hotunan sunan ɗiyata da lambobin abokan cinikina duk suka tafi, kwanan watan kuma yana nan yadda yake. Jika uku da rabi na biya.

Mai gyara: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ga gwajin da ke raba gardama. Ki daidaita lokaci, caji ya kai rabi, ki sa Mode avion don kar reso ya gyara mata, ki kashe minti 10, ki kunna. In lokaci na nan, agogon ciki lafiya lau, barin caji ya ƙare ne kawai. In ya koma, wuta ke yanke masa: batir ya gaji ko ƙafafunsa sun saki. Filashin ba ya gyara wannan.

Na Magariya: Mai sai da batir ai batir zai ce. Jika uku ake sayarwa nan.

Malamin lise: Shi ne fa ya ce kar ta biya. Na jika uku kuwa zafin Afrilu ke kumbura su.

'Yar Birni: To yaya zan hana caji ƙarewa, tun jiya babu wuta a unguwarmu?

Baban yara: Mu a Garin Malam dala ashirin mai janareto ke karɓa. Ku nawa?