Sunan wa zan sa gaba a labarin yabo na mujallar ofis?

Salamu alaikum jama'a. Ni ke rubuta 'yar mujallar cikin gida ta wata-wata a ƙungiyarmu a Garwa, kuma labari ɗaya ya hana ni sakat.

Mutanenmu 14 sun gama raba irin masara a ƙauyukan Lagdo da Gidar kafin ruwan farko ya sauka. An ba ni rabin shafi da hoto ɗaya.

Rubutun farko na buɗe da shugaban sashe, tunda shi ya sa hannu a rahoton. Direbobi suka ce su da suka kwana a hanya da mota ta lalace an mai da su "da sauransu". Gaskiyarsu. Na biyu na jera kowa bisa harufa, sai ya koma kamar takardar albashi, kuma Hajiya mai kula da sito ta faɗa can ƙasa. Ita ce fa ta gano buhu 40 sun sha danshi, aka canza su kafin lodi. Da ba ta sa hannu cikin buhun ba, da manoma sun shuka abin da ba zai tsiro ba.

Na uku na sa ta a gaba. Shugaba ya dawo mini da takardar, ya ja jan biro a kan sakin layin, bai ce uffan ba. Ranar Alhamis za a buga.

Yaya zan tsara rabin shafin nan aikin Hajiya ya fito fili ba tare da shugaba ya ga an rage masa girma ba?