Taken hula ya ƙi shiga haruffa 80, me zan cire?

Abba (Kofar Marusa): Assalamu alaikum. Huluna ɗinkin hannu nake saya a nan Katsina ina tura wa yayana da ke Ingila, shi kuma yana sa su a shagonsa na eBay. Ni ke rubuta taken kowace hula. Gurbin haruffa 80 ne kawai, nawa kuma kullum sai ya zarce. Ga na wata shuɗiya mai zaren ruwan gwal, lamba 22:

```
Hausa Cap Hausa Hula Cap African Cap Kufi Cap Men Cap Nigerian Cap Best Quality Cap Handmade Cap Sale
```

Tsorona in na rage kalmomi masu bincike su daina ganina. Me zan cire, me zan bari?

Nura Mai Waya: Wa alaikumus salam. Kalma 80 ai ta yi yawa ma, malam. Naka ko ashirin bai kai ba, ina matsalar?

Abba: Haruffa ne Nura, ba kalmomi ba.

Nura Mai Waya: To, na yi ɓatan kai. A ci gaba, muna saurare.

Malam Lawal (Daura): Abba ƙanena, na zauna na ƙirga maka. Takenka haruffa 101 ne, domin filin da ke tsakanin kalma da kalma shi ma harafi ɗaya ake lissafa shi, haka waƙafi. Mutane da yawa nan suke faɗuwa, su ƙirga baƙaƙe kawai su manta da fili.

Yanzu dubi inda gurbinka ya tafi. `Cap` ta fito sau takwas. Kowace ɗaya da filinta haruffa huɗu take ci, ke nan bakwai ɗin da suka maimaitu sun cinye 28. `Hausa` ta biyu ta ci shida. `Best Quality` da `Sale` sun ci 18. Jimla 52, fiye da rabin taken, kuma babu abin da suka gaya wa mai saye wanda bai riga ya sani ba. In ka zubar da su abin da ya rage 49 ne, kana da sauran gurbin 31 a hannu.

Abin da ya fi damuna ba tsawon ba ne. A cikin haruffa ɗari da ɗaya ba ka faɗi launin hular ba, ba ka faɗi lambarta ba. Ka tuna yadda ake ciniki a rumfa. Mutum ya zo ya ce yana son hula, tambayar farko da za ka yi masa ita ce lamba nawa yake sawa, ta biyu wace kala ce shaddar da zai ɗora ta a kai. Mai saye a Landan ko Manchester tambayoyin nan biyu ne a ransa, sai dai shi ba ya gabanka balle ya tambaya. In take bai amsa masa ba, ya wuce na gaba.

Game da tsoronka kuwa, injin bincike yana duba ko kalmar da mutum ya rubuta tana cikin takenka. In wani ya rubuta `kufi cap`, wani ya rubuta `nigerian cap`, `Cap` guda ɗaya ta ishe su duka biyun, ba sai kowace kalma ta zo da tata a goye ba.

Shamsu: Malam Lawal, da girmamawa, ni ban yarda gaba ɗaya ba. Na ga manyan masu shago suna cika takensu dam da kalmomi kuma su ne a sama. In abin ba ya aiki me ya sa suke yi? Ni dai shawarata Abba ya cika gurbin nan har bakinsa, kada ya bar ko harafi ɗaya a banza.

Malam Lawal: Shamsu, rabin maganarka na karɓa. Barin gurbin 31 fanko asara ce, a cika shi. Amma a cika shi da sabon bayani. Je ka sake duba taken waɗanda kake magana, mafi yawansu za ka tarar kalmomi daban-daban ne, kowace da irin mai binciken da take kamawa, ba kalma ɗaya ake ta nanatawa ba. Sannan wanda ya shekara goma yana sayarwa, da ɗaruruwan masu saye da suka yaba masa, ba takensa kaɗai ya kai shi sama ba. Farashi na ciki, kuɗin aike na ciki, tarihin cinikinsa na ciki. Ka kwaikwayi takensa ba ka da sauran, ka ɗauki rigar ne ka bar mai rigar.

Kasuwannin ma da kansu sun fara gajiya. A Janairun 2025 Amazon ta fitar da ƙa'ida cewa kalma ɗaya kada ta wuce sau biyu a take, ban da ƙananan kalmomin haɗi. Ita kuma eBay ta daɗe da hana cusa kalmomin da ba su shafi kayan ba don jan bincike.

Abba, ga yadda zan jera naka. Farko sunan abin, yadda baƙo zai kira shi. Sai abin da ya bambanta shi da na kowa, wato ɗinkin hannu. Sai launi, sai awo. Na fara rubuta wannan:

```
Hausa Kufi Cap for Men, Hand Embroidered Nigerian Hula, Navy Blue Gold, 22 in 56 cm
```

Ya ba ni 83, ya zarce da uku. Dole kalma ɗaya ta fita, kuma tsakanin `Navy` da `Blue` ne. Na bar `Blue` domin ita ce kalmar da kowa zai fara rubutawa, duhun shuɗin kuwa hoto zai nuna shi. Ya koma haka, haruffa 78:

```
Hausa Kufi Cap for Men, Hand Embroidered Nigerian Hula, Blue Gold, 22 in 56 cm
```

Na canza `Handmade` zuwa `Hand Embroidered` duk da ta fi tsawo da haruffa takwas, saboda ita ce ke faɗin ainihin aikin da ya sa hularka ta fi ta inji tsada. Awo kuma na sa shi iri biyu da gangan. Mu nan in an ce lamba 22 kowa ya san inci ne na zagayen kai, amma wanda ya tashi a Turai da santimita ya saba, inci 22 kuwa santimita 56 ne in an cike. Haruffa shidan nan sun fi araha a kan a dawo wa yayanka da hula don ta matse kan mutum.

Dalilin sa sunan abin a farko shi ne waya. A jerin sakamakon bincike sau da yawa ba a nuna take duka, ana datse ƙarshensa. Gwajin da nake yi shi ne in rufe rabin ƙarshe da yatsa, in ga ko abin da ya rage ya isa a gane me ake sayarwa.

Hajiya Binta: Sannunku da ƙoƙari. Ni turaren wuta da humra nake sayarwa, kuma abin da zan ƙara daga abin da ya same ni ne. Wani yaro da ke taya ni ya ce in sa sunan wani fitaccen turaren waje a take, wai masu neman sa za su faɗo kan nawa. Sun faɗo kuwa, amma ba mai saye, don ba shi suka zo nema ba. Bayan kwana kaɗan kasuwar da nake ciki ta sauke tallar gaba ɗaya, sai da na sake rubutawa daga farko. Don haka ɗana, in hularka ba Zanna Bukar ba ce kada ka rubuta mata Zanna don sunan na tafiya. Wanda ya san hula zai gane daga hoto, wanda bai sani ba zai gane ranar da ya sa ta a gaban wanda ya sani.

Abba: Na gode Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Malam Lawal, abu biyu. Na ga ka cire `African`, alhali ina jin Turawa ita suka fi sani. Sannan irin wannan hular ina da ita lamba 22, 22 da rabi, da 23. Take uku zan yi?

Malam Lawal: Na biyun ya fi sauƙi. In zane ɗaya ne launi ɗaya, lamba ce kawai ta bambanta, yayanka ya duba ko rukunin da ya sa hular yana ba da damar talla ɗaya mai zaɓin lamba. In yana bayarwa, sai ka cire awon daga take gaba ɗaya, mai saye ya zaɓa a ciki. Waƙafin da awon sun ci 13, ka koma 65, `African` da filinta takwas ne, ta shiga ke nan har da canji. Amma hular hannu sau da yawa kowace da zanenta, in haka ne kowace da tallarta da lambarta a take. Kuma a tuna akwai gurabun `Item specifics` a ƙasa, na launi da yadi da ƙasar da aka yi kaya. Duk abin da take ya kasa ɗauka can ne gidansa, masu tace bincike ma da su suke tacewa.

Na farkon kuwa ba zan yanke maka hukunci daga Daura ba. Ya danganta da wa ke saye. In 'yan Najeriya mazauna can ne masu neman hular Sallah ko ta ɗaurin aure, `Nigerian` da `Hula` za su rubuta. In wasu ne daban, watakila kai ke da gaskiya.

Shamsu: Wannan ai ana iya dubawa. Ya rubuta `african kufi` a akwatin bincike ya kunna `Sold items`, ya ga waɗanda aka saya da gaske, ba waɗanda ke zaune ba ciniki ba. Ya sake yi da `nigerian kufi`. Ni har yanzu ina ganin `African` za ta ci.

Malam Lawal: Shawara mai kyau, na yarda da hanyar ko da ban yarda da hasashen ba. In zai gwada a shagonsa kuma, kalma ɗaya zai canza ya bar hoto da farashi yadda suke, in ba haka ba ba zai san me ya kawo canjin ba. Kuma kada ya gwada ana saura mako biyu Sallah, lokacin ko take mara kyau sayarwa yake.

Nura Mai Waya: Tunda na kwafsa ɗazu bari in biya bashi. Abba, daina ƙirga da yatsa. Zuba takenka a layin A na Google Sheets, ka fara daga gidan A2, a gefensa ka rubuta wannan ka ja shi ƙasa:

```
=LEN(A2)
```

Yana ƙirgawa har da fili. In ka ga ya ba ka ɗaya fiye da lissafinka, duba ƙarshen taken, galibi wani fili ne ya maƙale a can lokacin da ka kwafo daga WhatsApp.

Abba: Na gwada, 79 ya ba ni, ashe filin ne a ƙarshe. Na goge ya dawo 78. Huluna goma sha huɗu suka rage, akwai wata mai launi huɗu da ban san wanne zan ambata ba.

Hajiya Binta: Wanda ido ya fara gani daga nesa. Turo hotonta mu gani.