Neman shawara: na maƙale a tsakiyar labarin Sista Rabi

Ummu Nabila: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina rubuta gajeren labari mai kalma 1,500. Sista Rabi ce shugabar ɗakin haihuwa a wani asibiti. Duk mitin ɗin Litinin sai ta katse mai magana da "mun riga mun gwada wannan", har kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Yaya za ta gane ta gyara, ba tare da wani ya zaunar da ita ya yi mata wa'azi ba?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bari shirun ya fara yi mata daɗi. Mitin ɗin awa guda ya koma minti goma, kowa "to Sista", ita kuma ta ɗauka an fahimce ta. Sannan shirun ya jawo asara. A ce firij ɗin alluran oksitosin, waɗanda ake yi don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ya daina sanyi. Masu aikin dare sun sani, amma wadda ta taɓa kawo maganar an gwale ta. Ranar da Rabi ta tambayi "me ya hana ku faɗa mini?", ƙaramar cikinsu ta ce a hankali, "Na faɗa, Sista." Nan ne labarin zai juya.

Kuma kada su dawo da magana a mitin na gaba. Ta yi tambaya, ta haɗiye abin da ke bakinta, shirun ya yi tsawo har a ji ƙarar fanka, ba wanda ya tanka. Sai ta gyara jadawalin aikin dare yadda suka daɗe suna roƙo kafin bakin wata ya buɗe.

Malam Sani: 'Yar uwa, ki yi haƙuri da shugabarku, ki same ta a keɓe cikin ladabi. Shiru ba ya magani.

Ummu Nabila: Malam, ƙagaggen labari ne, na gode.

Maman Hanif: Ni nas ce. Anti, allurar ba ta lalacewa a kwana ɗaya, sai ta daɗe cikin zafi take rage ƙarfi, don haka a ba matsalar makonni. Mu ma mun taɓa yin haka da wata shugaba. Ba mu daina magana ba fa, wurin yinta muka sauya, sai ɗakin canza kaya. Rabi ta zo wucewa ta ji ana muhawara kan aiki, tana shiga a yi tsit.

Yaya Auwal: Ni dai sai ta ba su haƙuri a bainar jama'a, in ba haka ba mai karatu ba zai yafe mata ba.

Anti Bilki: Auwal, babba a wurinmu ba kasafai take furta hakan a taro ba. Ina ganin ta kira sunan ƙaramar, ta ce "ƙarasa maganarki ta rannan".

Ummu Nabila: Zan rubuta duka biyun in kawo muku. Maman Hanif, mako uku ya isa?