Gyara Ne Ko Ƙarin Gishiri? Muhawara Kan Shaidar Wata Mai Sayen Fitila

Mai Rubuta Talla: Assalamu alaikum. Ina so jama'ar zauren nan su yi mini adalci. Wata mata ta sayi fitila mai caji a inda nake aiki, ta turo saƙo kamar haka: "Wata biyu ke nan da na sayi fitilar nan. Idan na rage haskenta tana kai ni har asuba, amma idan na ƙure ta ba ta wuce awa huɗu. Ta fi wadda nake da ita a da." Na rubuta a ƙasan hoton talla: "Tana kwana tana ci har asuba, ta fi kowace fitila," in ji abokiyar cinikinmu. Yanzu matar ta ce na yi mata ƙarya, maigidana kuma ya sa an sauke tallar, alhali gyara kawai na yi. Ina laifina?

Hajiya Mai Kaya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ban ga laifinka a gajarta zance ba, domin babu mai tsayawa ya karanta layi huɗu a ƙasan hoto, kuma matar da bakinta ta ce fitilar tana kaiwa asuba. Inda ka zarce shi ne "kowace fitila", tunda da fitila ɗaya ta kwatanta. Sauran duk gyara ne.

Tsohon Edita: Hajiya, rabin maganarki daidai ne, amma kalmar "gyara" ba ta ɗauki abin da aka yi a nan ba. Gyara shi ne a sa waƙafi inda ya ɓace, a daidaita harafin da yatsa ya kuskure, a cire gaisuwa da godiya. Shi kuwa ya cire sharaɗi. Matar ta ce "idan na rage haskenta", kuma wannan "idan" ɗin shi ke riƙe da jimlar baki ɗaya, domin wanda ya karanta tallar zai sayi fitilar, ya ƙure haskenta da magariba, ta mutu kafin tsakar dare, sannan ya dawo yana cewa an yaudare shi. A idonsa kuma matar ce ta yaudare shi, tunda a bakinta aka sa maganar. Sai ka duba, ƙanena, cewa "tana kwana tana ci" ba ya cikin saƙonta ko kaɗan, amma ka saka shi cikin alamar zancen wani, wadda ma'anarta ita ce waɗannan kalmomi nata ne.

Abokin Mai Talla: Da girmamawa, Baba, aikin jarida daban, aikin talla daban. Na san wannan bawan Allah, ba maƙaryaci ba ne, kuma duk wanda ya taɓa rubuta talla ya san cewa gyara ya haɗa da ƙawata magana. Idan ba za a ƙawata ba, me ya sa ake ɗaukar marubuci aiki?

Tsohon Edita: Ban kira shi maƙaryaci ba, rubutun na duba. Ƙawatawa tana da wurinta, wato a layin da mai kaya yake magana da bakinsa, kuma ko a can sai yana da hujjar abin da ya faɗa. Cikin alamar zancen wani kuwa ba a ƙara kalma ko ɗaya.

Ɗalibin Kasuwanci: Ni a fahimtata matsalar izini ce. Na taɓa saka hoton saƙon wani abokin ciniki da lambar wayarsa a jiki, ya yi fushi ƙwarai, tun daga ranar nake rufe suna da lamba. Da ka rufe sunanta, Malam, da ba ta ce komai ba.

Hajiya Mai Kaya: Ɗana, ba ka karanta saƙon farko da kyau ba, domin babu inda aka ce an saka sunanta. Ka riƙa natsuwa kafin ka yi sharhi.

Ɗalibin Kasuwanci: Hajiya, na karanta, kuma ƙarancin shekaru ba ya hana mutum faɗin abin da ya gani. Har yanzu babu wanda ya tambayi Malam ko ya nemi izininta kafin ya wallafa.

Mai Rubuta Talla: Ban nema ba, tunda ita ta turo saƙon da kanta. Amma tambayata ita ce ko daidai ne a sauke aikina ba tare da an ji ta bakina ba, kuma babu wanda ya amsa wannan.

Abokin Mai Talla: Ba za su amsa ba, domin sun riƙe kalmar "gyara" sun ƙi saki. Ni dai na tsaya a kan cewa wanda ya taƙaita zance ba tare da mugun nufi ba gyara ya yi.

Tsohon Edita: Nufi tsakaninsa ne da Ubangijinsa, mai saye kuwa rubutu kawai yake gani. Ga yadda zan rubuta shi da kalmominta kaɗai: "Idan na rage haskenta tana kai ni har asuba… Ta fi wadda nake da ita a da." A ƙasa sai a sa: abokiyar ciniki, bayan wata biyu da saye. Ɗigo ukun nan suna nuna an cire wani abu, amma abin da aka cire, wato awa huɗun, ba ƙaramin bayani ba ne, saboda haka sai kamfani ya faɗe shi a layinsa, da adadin da shi ya gwada ya tabbatar, tunda awa huɗunta lissafin fitila ɗaya ce a hannun mutum ɗaya. Ambaton wata biyu kuma yana hana mai karatu zaton ta shekara tana aiki. Daga nan a tura mata rubutun yadda zai fito, a jira ta amince a rubuce, a adana amincewar tare da saƙonta na asali. Ƙa'idar talla ta Birtaniya ta wajabta wa mai talla ya riƙe shaidar cewa maganar ta gaske ce da hanyar tuntuɓar wanda ya faɗe ta. A Amurka kuma, tun 2009 hukumar FTC mai kula da kasuwanci da kare masu saye ta ce rubuta cewa sakamako yakan bambanta bai wadatar ba, idan shaidar ta nuna abin da ba a saba samu ba sai an bayyana abin da yawancin masu saye za su samu.

Hajiya Mai Kaya: Malam, mu ba a waɗannan ƙasashe muke ba. Kuma rubutun naka ya yi tsawo, sannan da zarar ka ambaci awa huɗu ka kori rabin masu saye. Na yarda a dawo da "idan", amma ban yarda dole ne mai kaya ya tallata raunin kayansa ba.

Tsohon Edita: Wanda awa huɗu za ta kora, Hajiya, shi ne wanda zai dawo da fitilar bayan mako guda. Amma na karɓi maganarki kan tsawo, ana iya tsayawa a jimlarta ta farko kawai.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. A matsayina na wanda ya daɗe yana rubuta talla, na fahimci cewa yawancinmu mun yarda ɗan'uwanmu gyara ya yi da kyakkyawar niyya, illa dai "kowace fitila" da ta yi yawa, kamar yadda Hajiya ta nuna tun farko. Shawarwarin Baba Edita suna da amfani ga manyan kamfanoni masu lauyoyi, kuma shi ma a ƙarshe ya amince a gajarta. Batun izini da ɗalibinmu ya kawo da batun sauke tallar za mu ɗauke su wani lokaci. Na rufe sharhi a nan.