Neman rubutu ɗaya a tsawo daban-daban: yadda kowa yake yi a wurin aikinsa

Editan labarai a wani gidan rediyo, Kano

Assalamu alaikum. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani game da wani aiki da yake maimaituwa a wurinmu kullum, wato a ba mutum rubutu ɗaya a ce ya fito da shi a sakin layi guda, sannan a jimla biyu, sannan a layi ɗaya da za a sa a kanun labarai. Abin da na lura shi ne, yawancin ɓarnar tana faruwa ne idan aka yi aikin hannu-da-hannu: wani ya taƙaita asalin rubutun zuwa sakin layi, wani ya ɗauki sakin layin ya rage, na ukun kuma ya ciro kanu daga abin da na biyun ya bari, ba tare da ya taɓa ganin asalin ba.

Misalin da nake koyar da sababbin ma'aikata da shi shi ne jawabin da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi ranar 16 ga Fabrairun 2023 a kan canjin kuɗi. Sakin layinsa zai iya zama haka: "Shugaba Buhari ya ce ya amince Babban Bankin Najeriya ya sake fito da tsohuwar takardar naira 200, ta ci gaba da aiki tare da sababbin takardun naira 200, 500 da 1000 na tsawon kwana 60, daga 10 ga Fabrairu zuwa 10 ga Afrilu. Tsofaffin takardun naira 500 da 1000 kuwa, ya ce za a iya kai su Babban Bankin da wuraren da aka keɓe domin a fanshe su." Idan na ba wanda yake koyon aiki wannan na ce ya rage, yakan kawo mini cewa shugaban ƙasa ya amince a ci gaba da karɓar tsohuwar takardar kuɗi har zuwa 10 ga Afrilu. Idan na miƙa wa wani wannan jimlar na ce ya ciro kanu, sai ya rubuta "Buhari ya tsawaita wa'adin tsofaffin kuɗi". Babu wanda ya yi ƙarya da gangan a cikinsu, amma mai shagon da ya ji wannan kanun zai karɓi tsohuwar naira dubu yana zaton shugaban ƙasa ne ya halatta ta. Yaya ku kuke neman irin wannan aiki?

Tsohuwar 'yar jarida, Kaduna

Wa alaikumus salam. Malam, a ganina maganin wannan tsoho ne. An koya mana mu sa mafi muhimmanci a jimlar farko, mai bi masa a ta biyu, haka har ƙasa. Idan an rubuta labari a wannan tsari, ba sai ka nemi tsawo uku ba, domin edita zai yi ta yankewa daga ƙasa har ya kai girman da yake so, kuma jimlar farko ita ce layinka ɗaya.

Editan labarai, Kano

Hajiya, maganarki gaskiya ce idan rubutun da ke gabanmu labari ne da ɗan jarida ya riga ya tsara. Sai dai abin da yake zuwa mana sau da yawa jawabi ne, ko sanarwar ma'aikata, ko hukuncin kotu, kuma waɗannan ba a rubuta su don a yanke daga ƙasa ba. A wannan jawabin da na ambata, shugaban ya fara ne da bayanin dalilan canjin kuɗin da jajanta wa mutane wahalar da suke sha, maganar naira 200 kuwa ba ta zo ba sai da ya yi nisa. Wanda ya yanke daga ƙasa zai zubar da labarin ya riƙe gabatarwa. Ko a labarin da aka tsara yadda kika ce, jimlar farko takan kai kalma talatin, wanda ya fi ƙarfin kanu.

Abin da nake yi yanzu shi ne in ba mutum ɗaya asalin rubutun, in nemi dukkan tsawon a lokaci guda, in gaya masa inda kowanne zai je, sannan in rubuta masa abin da ba na so ya ɓace ko a mafi gajarta. A wannan misalin abu biyu ne: cewa naira 200 ce kawai, da kuma ranar 10 ga Afrilu. Layin da ya cika sharaɗin shi ne "Buhari ya ƙara wa tsohuwar naira 200 kaɗai wa'adi zuwa 10 ga Afrilu." Idan ya kawo, ina auna layin da asalin jawabin, ba da sakin layin ba, kuma tambayar da nake yi ita ce: wanda bai ji komai ba sai wannan layin, me zai je ya aikata?

Mai karanta labarai, Sakkwato

Ina da ƙorafi a kan yadda editoci suke faɗin tsawon. Idan aka ce wa marubuci ya kawo kalma hamsin, lissafin takarda ake yi, mu kuwa da daƙiƙa muke aiki. Shekarar 2023 kalma ɗaya ce a rubuce, amma a baki "dubu biyu da ashirin da uku" kalma shida ce. Sakin layin da Malam ya kawo cike yake da lambobi, saboda haka zai ɗauki lokaci fiye da wani mai yawan kalmomi iri ɗaya da babu lamba a cikinsa. Ni idan zan nema, cewa nake yi a ba ni na daƙiƙa talatin, da na daƙiƙa goma, da na numfashi ɗaya, kuma marubucin ya karanta da ƙarfi yana duban agogo kafin ya miƙo. Na kuma lura cewa jerin lambobi irin "200, 500 da 1000" sau biyu a kusa da juna yana rikita mai sauraro, don haka a na rediyo na fi so a ce "sababbin takardun kuɗi" kawai, a ajiye lambobin domin tsofaffin, tun da a nan bambancin yake.

Ɗalibi, Zariya

Malamai, ni ma na taɓa shiga irin wannan. An ce tsakuren da ke farkon kundina kada ya wuce shafi ɗaya, nawa kuma ya kai shafi ɗaya da rabi, sai na rage girman haruffa na matse tazarar layuka har ya shiga. Shin akwai wata dabarar da ta fi wannan sauri?

Tsohuwar 'yar jarida, Kaduna

Ɗana, wannan matse shafi ne, rubutun yana nan da tsawonsa, kuma sassa da yawa suna da ƙa'idar girman haruffa da za ta sa a dawo maka da shi. Zauna ka rubuta abin da bincikenka ya gano a jimla ɗaya, sannan ka ƙara abin da ka bincika da yadda ka bincika shi. Duk abin da ya rage gabatarwa ce, tana da babinta.

Jami'in yaɗa bayanai na wata ƙungiyar manoma, Katsina

Mu ta saƙon waya muke aika layi ɗayan, kuma a nan ba kalma ake ƙirgawa ba, haruffa ake ƙirgawa har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa guda ɗaya, kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, tsarin yana sauyawa, saƙo ɗaya ya koma haruffa 70 kacal. Abin da ya wuce haka ana raba shi biyu ko uku, kuma kuɗin kowanne ake biya, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan mutanen da ake aika wa suna da yawa.

Na ƙirga layin da Malam ya kawo: haruffa 68 ne har da aya, saboda haka ya shiga saƙo ɗaya ko da lanƙwasarsa. Amma idan wani ya ga rashin ladabi ne a kira sunan kai tsaye ya ƙara "Shugaba" a gaba, ya zama 76, ya koma saƙo biyu. Shi ya sa idan ina neman layin nake faɗa wa marubuci tun farko ko da lanƙwasa za mu aika ko babu. Idan babu, yana da filin 160, kuma a wannan filin zan fi so ya ƙara cewa ban da tsofaffin 500 da 1000, domin kalma ɗaya irin "kaɗai" tana iya wuce idon mai karatu da sauri.

Sakatare a wata ma'aikatar jiha

Ina ganin akwai abin da ba a faɗa ba. A ofis, tsawo uku ba mai karatu ɗaya suke da shi ba. Sakin layin na darakta ne wanda zai yi sharhi a fayil, layi ɗayan kuwa na babban sakatare ne wanda zai sa hannu ko ya ƙi. Don haka gajeren ba ƙaramin hoton dogon ba ne. Dogon yana bayanin abin da ya faru, gajeren yana faɗin abin da ake nema a amince da shi da kuɗin da zai ci. Idan ban gaya wa mai rubutawa wannan ba, yakan kawo mini taken batun kawai, irin "Batun gyaran motocin ofis", wanda bai ce komai ba. Ni daga gajeren nake so a fara, domin wanda ya kasa faɗin abin a layi ɗaya bai gama fahimtarsa ba.

Editan labarai, Kano

A nan mun ɗan saɓa, Malam. Na gwada fara wa mutane da layi ɗaya, sai na ga suna kafewa a kan abin da ya fara ɗaukar hankalinsu, sannan su rubuta sakin layin don ya goyi bayan kanun. Na fi so a rubuta dogon tukuna, a koma asalin a rubuta gajeren. Wataƙila bambancin shi ne kai ka riga ka san abin da fayil yake nema, mu kuwa sai mun karanta muke sani.

Tsohuwar 'yar jarida, Kaduna

Akwai abin da har yanzu yake damuna a misalinka. Ranar 8 ga Fabrairu Kotun Ƙoli ta riga ta ba da umarnin wucin gadi na dakatar da aiwatar da wa'adin 10 ga Fabrairu na daina karɓar tsofaffin takardun kuɗi, a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar, kuma daga baya, ranar 3 ga Maris, ta yanke cewa tsofaffin takardun uku su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba. Layinka ya yi wa jawabin adalci, amma mai sauraron da ya ji shi kaɗai ba zai san akwai umarnin kotu a ƙasa ba. Shin taƙaita jawabin aka nema ko taƙaita halin da ake ciki?

Editan labarai, Kano

Jawabin aka nema, Hajiya, kuma ƙa'idata ita ce duk abin da marubuci ya ƙaro daga wajen asalin ya sa shi a jimla dabam, ya yi masa alama don in sani. A sakin layi akwai wurin wannan jimlar, a na daƙiƙa goma ma za a iya matsa ta. A layi ɗaya babu, sai dai a yi wa kotun kanu na biyu.

Jami'in yaɗa bayanai, Katsina

Ku kuna da kanu na biyu, mu saƙo ɗaya muke aikawa. Da ni ne a ranar, zan biya kuɗin saƙo biyu in sa maganar kotun, ko da shugabannin ƙungiya za su tambaye ni dalilin ƙarin kuɗin.