Laccar kawu ta awa ɗaya: a ina zan yanka ta?

Ɗan Rikkos: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawuna ya yi lacca a kan rabon gado ranar walimar saukar ɗaliban islamiyyarmu, ni na ɗauka da wayata. Da ma ba ni aka ɗora wa aikin ba, wanda aka ba aikin ya tafi Bauchi ɗaurin aure bai ko faɗa wa kowa ba, har aron abin kafa waya sai da na yi. Minti 62 ce. Na sa a YouTube, kallo ya kai 640, amma matsakaicin kallo minti 9 ne kacal. Yanzu kawu ya ce a mayar da ita gajere-gajere kafin azumi. Na zauna na rubuta laccar kaf da hannu tare da lokutanta, idona har ja ya yi. Niyyata in raba shida, minti goma-goma. Sai dai a zanen da YouTube ke nuna yawan masu kallo a tsawon bidiyon na ga tudu a minti na 17 da rami a na 31, na rasa wanne zan bi, rubutun ko zanen?

Oga Mai Kamara: Wa'alaikumus salam. Yaro, manta da rubutu. Mutane da yatsunsu suke zaɓe. Inda ka ga rami, nan suka gaji, nan za ka sa almakashi. Tudun nan na minti 17 kuwa ciro shi, daƙiƙa arba'in sun isa, ka jefa a Shorts. Kada ka bari wani yanki ya wuce minti uku. Wa zai ƙona datarsa minti goma a wannan zamani? Na fi shekara goma ina wannan aiki a Terminus.

Maman Ilham: Ni dai a taimaka mini, idan mutum ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya mata zalla, 'yan'uwansa suna da rabo? Abin da ke faruwa a gidanmu ke nan tun bara.

Ɗan Rikkos: Mama, Allah ya daidaita ku, amma wannan sai malamai. Ni yankan bidiyo nake tambaya.

Antin Rediyo: Ƙanena, kafin ka taɓa komai turo mana wuraren da kawu ya sauya magana a rubutun, da ainihin abin da yake faɗa daga minti 16 zuwa 18. Sannan mutum nawa suka rage suna kallo a minti na 31?

Ɗan Rikkos: Anti ga shi. Daga farko zuwa 04:10 addu'a ce da gaishe da manyan baƙi. 04:10 biyan bashi da wasiyya. 13:40 rabon miji da mata. 24:05 'ya'ya. 35:20 iyaye. 44:50 tambayoyi har ƙarshe. A 16:50 ya ce mace tana da rubu'in dukiyar mijinta, sai ya ba da labarin wata bazawara, a 17:45 ya dawo ya ce rubu'in nan idan mamacin bai bar ɗa ko 'ya ba ne, in ya bari sumuni ne. A minti na 31 kashi 14 cikin ɗari suka rage.

Antin Rediyo: To ka ga dalilin tambayata. Da ka bi shawarar Oga ka ciro daƙiƙa arba'in daga 16:50, da ka saki bidiyon da kawunka yake cewa mace rubu'i gare ta, ba tare da sharaɗin ba. Aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta kawo rubu'i da sumuni a jere, kowanne da halinsa. Wata za ta ɗauki guntun nan ta kai wa 'yan'uwan mijinta a matsayin hujja, kuma sunan kawu ne a kai, ba naka ba.

Rubutun shi ke faɗa maka inda ya halatta a yanka. Zanen kuwa yana faɗa maka abin da za ka fara fitarwa da abin da za ka zubar, amma ba zai iya nuna maka daƙiƙar da za ka yanka ba. Alƙaluman da YouTube ke bayarwa na riƙe masu kallo gaɓa ɗari ne a kan tsawon kowane bidiyo, saboda haka a minti 62 kowace gaɓa ta haɗiye kusan daƙiƙa 37. Tudun da kake gani a minti na 17 yana iya zama na hukuncin, ko na labarin bazawarar, ko na sharaɗin. Kuma tudu ba kullum yake nufin an ji daɗi ba. Yana nufin an koma baya an sake kallo, ko an tsallako zuwa wurin. Ni zatona mutane sun ji rubu'i, can suka ji sumuni, suka rikice suka ja baya. In haka ne, wurin yana neman a bar shi cikakke, har ma a rubuta kashi biyun a fuskar bidiyon, 1/4 da 1/8, lokacin da yake ambatonsu.

Ramin minti na 31 ma kada ya ba ka tsoro. Kashi 14 na kallo 640 bai kai casa'in ba. Mutum biyar su tashi yin salla a daidai nan, layin zai lotsa. Saka abin sauraro ka ji daga 30:00 zuwa 32:00 tukuna.

Oga Mai Kamara: Hajiya, rediyo daban, waya daban. A rediyo mutum yana tuƙi ne, ba shi da yadda zai yi. Ni na san abin da ke tafiya. Ka yi minti goma ka gani ko mutum ɗari za su kalla.

Baban Walid: Ku dai kuna ta wahala. Na yi wa wata makaranta a Farin Gada irin wannan, wa'azi takwas na yanka, datata, man janaretana, ƙarshe aka ce mini Allah ya saka da alheri. Da na yi maganar kuɗi aka ce ai aikin lada ne. Har yau hotuna na suna wurinsu.

Ɗan Rikkos: Anti na saurara. A 30:40 wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu, aka yi kusan minti ɗaya da rabi ana tayar da janareta, kawu yana magana amma ba a ji sosai. Sai dai ni fa har yanzu goma-goma ya fi mini tsari. Na riga na sa an yi mini hotunan bango shida, Kashi na 1 zuwa Kashi na 6, na biya.

Antin Rediyo: Ka ga ramin ba gajiya ba ce, wuta ce. Da ka yanka a nan, da ka raba maganar 'ya'ya biyu a banza. Cire minti ɗaya da rabin nan kawai ka haɗa bakin, in har abin da ya faɗa a cikin duhun ya maimaita shi daga baya. Duba rubutunka. In bai maimaita ba, ka bar wurin ka sa rubutu a ƙasa.

Batun goma-goma, lissafa da kanka. Minti na 10 yana tsakiyar wasiyya, na 20 yana cikin rabon miji da mata, na 30 yana cikin 'ya'ya. Ko ɗaya bai faɗa kan gaɓa ba. Alhali kawu ya riga ya raba maka: bashi da wasiyya minti tara da rabi, miji da mata goma da 'yan kai, 'ya'ya ya dawo kusan goma bayan ka cire duhun, iyaye tara da rabi. Ga kashi huɗu nan, kusan tsawon da kake so. Gaisuwar minti huɗun farko ta zauna a cikakken bidiyon. Buɗe Analytics, ka shiga Engagement, ka duba nawa suka rage a daƙiƙa 30 na farko, za ka ga inda jama'arka suka fi zubewa. Tambayoyin minti 17 ɗin ƙarshe kuma kowace tambaya da amsarta abu ne mai zaman kansa. A nan Oga ya yi gaskiya, su ne za su yi gajeru, tunda Shorts yana ɗaukar har minti uku tun Oktoban 2024. Amma ka rubuta tambayar a fuska, don na san mai tambaya ba shi da makirfo.

A wurin yankan, nemi inda ya ce “to”, ko “sai mu zo kan”, ka yanka a shirun da ke gabansa, ka bar kamar rabin daƙiƙa don kada ka cinye numfashinsa. Sannan ka karanta layi uku na farkon kowane kashi kamar ba ka taɓa jin laccar ba. Duk inda ya ce “kamar yadda muka faɗa ɗazu” ko “shi kuma nasa”, sabon mai kallo bai san ɗazu ba. Kati na daƙiƙa uku ya isa, misali: ana raba gado ne bayan biyan bashi da zartar da wasiyya.

Ɗalibin Kwamfuta: Shirun ma ba sai ka nema da kunne ba. Wannan umarnin, in ka sa shi a kwamfuta, zai jero maka duk wurin da aka yi shiru na daƙiƙa ɗaya da rabi:

```
ffmpeg -i lacca.mp4 -af silencedetect=noise=-30dB:d=1.5 -f null -
```

Antin Rediyo: Zai yi aiki har zuwa minti na 31. Daga nan ƙugin janareta yana ƙarƙashin komai, da wuya ya ga shiru sai ka ɗaga -30dB ɗin zuwa kamar -20dB, shi ma ɗin sai ka tabbatar da kunne.

Ɗan Rikkos: Ba ni da kwamfuta, CapCut nake amfani da shi a waya. Kuma gaisuwar nan ba za ta ciru ba Anti, mai unguwa yana ciki, shi ya ba mu rumfa da kujeru. In ya buɗe Kashi na 1 bai ji sunansa ba, ni za a kira.

Oga Mai Kamara: Ka ji ko? Minti huɗu na gaisuwa, sannan ka zo kana kukan ba a kallo. Kawo wayar shago gobe bayan la'asar in yi maka a awa ɗaya, kuɗin data kawai za ka bayar.

Antin Rediyo: Mayar da gaisuwar ƙarshen Kashi na 1 mana, ko ka yi mata nata kashin. Kuma kowa ya yanka, a nuna wa kawu kafin a saki. Wai ainihin bidiyon yana wayarka, ko wanda aka tura ta WhatsApp ne? Don WhatsApp ya riga ya matse shi, in ka sake yanka zai ƙara dushewa.

Ɗan Rikkos: Na goge na asalin, waje ya cika. Na WhatsApp ne ya rage, sai na YouTube. Kawu kuma yana Kaduna sai mako mai zuwa, ni ko na yi wa ɗalibai alkawarin Kashi na 1 ranar Juma'a.

Ɗalibin Kwamfuta: Sauke naka daga YouTube Studio, akwai Download a jikin bidiyon. Ba zai kai na asali ba, amma gwada shi da na WhatsApp ɗin ka ga wanda ya fi.

Maman Ilham: Don Allah in kawun ya dawo a tambayar mini shi batun 'yan'uwan nan.

Ɗan Rikkos: In sha Allahu Mama. To yanzu hotunan bango biyun da za su rage fa, na 5 da na 6, ya zan yi da su?