D ya fito sifili, in rubuta minimam ko in bar shi haka?

Ummi: Salamu alaikum. Gobe zan miƙa aikin gida, ga tambayar: `f = (y − x²)(y − 2x²)`. A (0,0) na samu `fxx = 0`, `fyy = 2`, `fxy = 0`, wato `D = fxx·fyy − fxy² = 0`. Duk miƙaƙƙen layin da na bi ta wajen, f sama take yi. In rubuta minimam, ko in ce gwajin bai raba gardama ba?

Sadauki: Ai da sauƙi. D sama da sifili, duba alamar fxx. Ƙasa da sifili, sirdi ne.

Ummi: Yaya, sifili fa na ce.

Baban Hanifa: Ni wannan D ɗin ne ya ja mini kari-oba. Aka ba mu `x² − y² − z²`, na jera Hesiyan, 2, −2, −2, na ninka na samu 8. Na ga fxx ma 2 ne, na rubuta minimam har da ja masa layi biyu. Ashe sirdi ne, ragi biyun ne suka haɗu suka ɓoye kansu. Dokar x da y kaɗai na ɗauko na ɗora wa uku. Shekara guda ina zama da ƙannena a aji.

Sadauki: Kai da ka faɗi kwas ɗin ne za ka ba da shawara?

Baban Hanifa: Wanda ya faɗa rijiya ya fi ka sanin zurfinta.

Malama Talatu: Ummi, kada ki rubuta minimam. Layuka sun yaudare ki. Bi lanƙwasa `y = 1.5x²`, wadda ta ratsa tsakanin `x²` da `2x²`. Ɗauki x = 0.1, y = 0.015: baka ta farko 0.005, ta biyu −0.005, sakamako ƙasa da sifili. Komai kusantarki da (0,0) haka za ki samu, alhali a kan layin x = 0 f tana sama. Ba minimam ba ne, ba kuma maksimam ba. Rubuta cewa D bai yanke hukunci ba, sai ki kawo wannan hujjar.

Sadauki: To ashe D = 0 sirdi ne kullum.

Malama Talatu: A'a. `x⁴ + y⁴` ma sifili yake bayarwa, kuma minimam ne sak.

Ɗan Zariya: Sirdi dai, ga doki babu.

Ummi: Na gode Malama. Amma in kira shi sirdi? Handawut ɗinmu na 1,500 bai ce komai ba.

Baban Hanifa: 1,500? Mu 2,500 muka saya, shafin Hesiyan ɗin ma hoton bai fito ba.

Ɗan Zariya: Mu wanda bai saya ba ko sunansa ba a sa a rajistar gwaji. Wa ma ake kai wa ƙara?